Rahoton da ya tsaya a 31 ga Janairu

Ku dubi wannan rahoton ciniki na Power BI. Kowace safiya yana sabuntawa, babu jan rubutu, babu kuskure. Amma ku duba ranar ƙarshe a jadawalin: 31 ga Janairu, alhali a misalin nan yau 10 ga Maris, 2025. Wanda ya haɗa shi ya rubuta ranakun da hannu ne a Power Query, sashen da ke jawo bayanai ya tace su, don haka kullum tambaya ɗaya ake yi wa rumbun bayanai, shi kuma yana ba da amsa ɗaya.

Maganin shi ne a bar agogo ya riƙa lissafa ranakun da kansa.

```
Yau = Date.From(DateTime.FixedLocalNow()),
Farko = Date.AddDays(Yau, -30),
Tace = Table.SelectRows(Source, each [Rana] >= Farko and [Rana] < Yau)
```

Layin farko ya ɗauko ranar yau, na biyu ya koma baya kwana 30, ya sauka a 8 ga Fabrairu. Gobe idan an sabunta, farkon zai zama 9 ga Fabrairu ba tare da kowa ya taɓa komai ba.

Ku lura da alamar da ke gaban Yau a layi na uku. Ƙasa da yau na ce, ban haɗa da yau ɗin ba. Da gangan na yi. Cinikin yau bai kammala ba, idan kuka saka shi, layin jadawalin zai riƙa faɗuwa a ƙarshe kamar kasuwa ta mutu, maigida ya kira ku hankali a tashe. A haka kuwa, daga 8 ga Fabrairu zuwa 9 ga Maris, kwana 30 ne cif.

To, ga inda mutane da yawa ke tuntuɓe. A kwamfutarku, agogon garinku ake karantawa. Da zarar kun ɗora rahoton a intanet, wato Power BI Service, agogon UTC, wato agogon bai ɗaya na duniya, ne ke aiki. A ce kuna gaban UTC da awa 3, kuka sa sabuntawa da ƙarfe 12:30 na dare. A wurinku 10 ga wata ta shiga, a can kuwa har yanzu 9:30 na daren 9 ga wata ne. Cinikin jiya gaba ɗaya ba zai fito ba. Alamarsa: rahoton kwamfuta da na intanet suna saɓawa da kwana ɗaya. Ko dai ku matsar da lokacin sabuntawa, ko ku juya agogon da `DateTimeZone.SwitchZone`.

Saura abu ɗaya. Ku danna matakin Tace da maɓallin dama, ku nemi View Native Query. Idan ya buɗe kuka ga ranakun a cikin `WHERE`, rumbun ne ke tacewa. Idan ya dusashe, mai yiwuwa ana jawo bayanan shekaru ne kafin a zubar da su, sai ku dawo da tacewar sama, dab da Source, matakin da ke ɗauko bayanan.