Cire farin akwatin da ke bayan tambari a PowerPoint

Assalamu alaikum. Na baya, kuna hango majigin? To madalla.

Wannan tambarin da ke gabanku na wata makarantar Islamiyya ce da aka ba ni aikin shirya mata silaid na walimar sauka. Koren da'ira ne, a tsakiya akwai buɗaɗɗen littafi fari, sunan makarantar kuma an rubuta shi da fari a zagaye. Shafin shuɗi ne mai duhu. Ina ɗora tambarin sai ga shi zaune cikin farin akwati, kamar an manna takarda a jikin shadda.

Laifin ba na PowerPoint ba ne. Fayil ɗin JPEG ne, shi kuwa JPEG ba ya iya barin wani wuri fanko. Kowane ɗigo na hoton dole ya ɗauki launi, shi ya sa aka cike gefen da fari. PNG ne ke iya barin wuri wayam, a riƙa hango abin da ke baya.

Hanya mafi sauri ita ce ka danna tambarin, ka shiga Picture Format, ka buɗe Color, can ƙasa za ka ga Set Transparent Color. Danna shi, sannan ka danna kan farin. Ga shi, akwatin ya tafi.

Amma ku duba littafin. Ya koma shuɗi, rubutun ma haka. A nan nake so mu ɗan zauna, domin nan mutane ke rikicewa. Wannan maɓallin bai san wani abu wai shi akwati ba. Launi ɗaya tak ka nuna masa, shi kuma ya bi hoton gaba ɗaya ya kwashe duk ɗigon da ke da wannan launin, ko a waje yake ko a ciki. Farin littafin da farin akwatin duk abu guda ne a wurinsa.

Gyaran ba wuya. Tunda tambarin da'ira ne, sai ka je Insert, Shapes, ka ɗauki Oval, ka riƙe Shift ka zana da'ira wadda ta ɗan gaza koren girma. Ka cika ta da fari, ka cire mata layin gefe, ka tura ta bayan tambarin da Send Backward. Littafin ya dawo fari. Sai ka zaɓi su biyun ka danna Ctrl+G su zama abu ɗaya, don kada ka ja tambarin ka bar da'irar a baya. Ni ya taɓa faruwa da ni a gaban jama'a.

Yanzu bari in zuƙo shafin zuwa 400%. Kun ga wani fari-fari da ya kewaye bakin koren, kamar ƙura? Cikakken fari a kwamfuta lambarsa 255, 255, 255. Lokacin da JPEG ke matse hoto, ɗigon da ke kusa da baki sukan koma irin su 252 ko 249. Ido ba ya bambancewa, amma maɓallin yana bambancewa, sai ya bar su. A kan shafi mai haske ba za a lura ba. A kan shuɗi mai duhu kuwa, majigi sai ya tona asiri.

Wata ɗaliba ta ɗaga hannu: "Malam, to Remove Background fa?"

Yawwa, 'yar'uwa, can na nufa. Yana nan a farkon Picture Format. Idan ka danna, duk inda zai cire sai ya rine da shunayya. Inda ya ci abin da kake so, ka ja layi da Mark Areas to Keep. Inda ya bari, Mark Areas to Remove. Ka gama da Keep Changes. Shi wannan yanki yake dubawa, don haka zai iya bar maka farin littafin. Sai dai a ganina ya fi dacewa da hoton mutum ko na mota. Tambari mai siririn rubutu a waje yakan gutsure masa haruffa, ka yi ta bi kana ceto ɗaya bayan ɗaya.

Idan ya fita tsaf, danna dama a kansa, Save as Picture, ka ajiye a PNG.

Ni dai kafin duk wannan wahalar nakan kira wanda ya zana tambarin in ce ya turo mini PNG marar baya ko SVG. Kuma nakan ce idan ta WhatsApp ne ya turo a matsayin Document, domin in ya turo a matsayin hoto za a matse shi, akwatin ya dawo. Wancan na makarantar ma ashe haka aka yi. Da na kira mai zanen, cikin minti biyar ya turo na asali.

To, kowa ya buɗe tambarin da na sa a babban fayil ɗinku, mu gwada.