Amsoshin tambayoyinku: Farfesa ya rufe min da Cheers, ni ma in mayar masa?

"Salamu alaikum. Ina neman gurbin digiri na biyu a Ingila, na tura wa wani farfesa imel na rufe da Yours faithfully kamar yadda aka koya mana a sakandare. Ya amso min da Hi a sama, a ƙasa kuma ya sa Cheers da sunansa na farko kawai. Ni ma Cheers zan sa? Kuma an ce min kalmar mashaya ce, gaskiya ne?" Daga wani ɗalibi a Zariya.

Mai gabatarwa: Wa alaikumus salam ɗan Zazzau, Allah ya ba da sa'a. Wannan tambayar taka ita muka sa a gaba don masu irinta suna da yawa, daga Kano, daga Jos, har da wata baiwar Allah daga Kumasi, kowa na cikin wannan ruɗanin. Yau muna tare da malamarmu ta Turanci, ta daɗe tana koyarwa kuma ta yi aikin ofis da Turawa. Malama bismillah, amma don Allah a duba agogo, kin san halinki.

Malama: To ai sai ka bar ni in fara tukuna. Ɗana, ka fara da kallon saman wasiƙarka kafin ƙasanta, domin a Turanci gaisuwar sama da sallamar ƙasa tare suke tafiya. A ƙa'idar Birtaniya, wadda ita muka gada kuma ita ake bi a jarrabawar WAEC da NECO, idan ba ka san sunan mutum ba ka buɗe da Dear Sir ko Dear Madam, to a nan ne Yours faithfully take zama. Idan kuwa ka kira sunansa, ka ce Dear Professor wane, to Yours sincerely ce abokiyar tafiyarta. Kai ka san sunan farfesan nan tunda kai ka nemo shi, kenan da Yours sincerely ya kamata ka rufe tun farko. Ba wani babban laifi ba ne, ba za a hana ka gurbi a kan wannan ba, sai dai mai karatu zai ji kamar takardar neman aiki ce aka kwafo daga littafi. Amurkawa ma fa ba su cika amfani da Yours faithfully ba, su Sincerely kawai suke sawa su wuce, ko sun san sunanka ko ba su sani ba, na tuna lokacin da muke aikin wata ƙungiya da...

Mai gabatarwa: Malama, Cheers ɗin, Cheers ɗin yake tambaya.

Malama: Ina zuwa. Gaskiya ne ana faɗin ta lokacin da ake ɗaga kofi a wurin shaye-shaye, wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba. Amma a bakin mutanen Birtaniya da Ostireliya ta zama kalmar yau da kullum, mutum zai riƙe maka ƙofa ka ce masa cheers, direban bas zai sauke ka ka ce masa cheers, ma'anarta na gode ko sai an jima. Farfesan nan ba giya yake nufi ba, ko kusa. Abin da yake nuna maka shi ne ka saki jikinka, ba ya son tsauri. Wannan labari ne mai daɗi a gare ka.

Sai dai ni shawarata kar ka mayar masa da ita a amsarka ta biyu. Shi ne babba, shi ke da ikon sassauta magana, kai kuma ka biyo shi amma ka tsaya taki ɗaya a bayansa. Kamar dai a gida ne, kawunka zai iya ce maka "yaya dai ɗan nan" yana dariya, kai kuma "ina wuni Kawu" za ka ce. To ka ajiye Yours faithfully, ta yi nauyi yanzu, ka buɗe da Dear Professor da sunan mahaifinsa wato na ƙarshe, ka rufe da Kind regards ko Best regards, a layi na gaba ka sa cikakken sunanka. Idan kuma wani abu ya yi maka, misali ya karanta tsarin bincikenka ko ya turo maka fom, sai ka sa Many thanks, ta fi dacewa da wurin. Bayan kun yi musayar imel uku ko huɗu, idan ya ce maka ka riƙa kiransa da sunansa na farko, kuma da yawansu suna faɗa, to ka karɓa, kar ka nace da Sir, Sir, a can nacewar ba ta ƙara maka ladabi a idonsu. A lokacin sai ka koma Best wishes ko Thanks. Cheers kuwa ka bar ta sai kun saba, kun zauna ofis ɗaya, kuma idan zuciyarka ba ta kwanta da ita ba har abada ba dole, ba wanda zai lura ba ka taɓa sa ta ba.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita saboda masu rubutawa, don na san akwai masu biro a hannu yanzu. Dear Sir ko Dear Madam, ƙasa Yours faithfully. An kira suna, ƙasa Yours sincerely. An fara sabawa, Kind regards ko Best regards. Babba ya sassauta, kai ka sassauta kaɗan amma kar ka riga shi. Haka ne Malama?

Malama: Haka ne. Kuma akwai alamar da za ka gane ka yi kuskure. Idan kai ka rubuta Hi ka rufe da Cheers, shi kuma ya dawo maka da Dear Mr wane ya rufe da Yours sincerely ko Regards, to ka yi saurin shige masa, sai ka ja baya ka koma irin nasa. Ba sai ka ba da haƙuri ba, kawai ka gyara a na gaba.

Mai gabatarwa: Madalla. Ga wata daga Kaduna, ma'aikaciyar banki ce: "Mene ne bambancin Kind regards da Best regards? Ogana ɗaya yake sawa, ni ɗaya."

Malama: Ƙanwata kwantar da hankalinki, bambancin ɗan kaɗan ne. Kind regards ta ɗan fi zama ta ofis kuma an fi jin ta a wajen mutanen Birtaniya, Best regards kuma ta ɗan fi sakin jiki kuma tana shiga ko'ina, Amurka, Turai, Indiya, duk inda ake kasuwanci da Turanci. Ga kwastoman da ba ki taɓa gani ba ki sa Kind regards, ga wanda kuke aiki tare kullum kowacce ta yi. Wadda nake so ki yi hattara da ita ita ce Regards ita kaɗai ba komai a gabanta. Mu a nan muna sa ta ba tare da wata manufa ba, amma wasu Turawan suna jin ta a bushe, musamman idan kullum Kind regards kike sa wa mutum sai ranar da kuka samu saɓani kika cire Kind ɗin, zai ɗauka fushi kike. Ita kuma Warm regards sai wanda kuka san juna, kun gaisa, akwai mutunci tsakani.

Mai gabatarwa: Ni dai a ra'ayina mutum ya zaɓi ɗaya ya riƙe ya huta. Sai wannan daga Maraɗi: "Mu da Faransanci muka yi karatu, Cordialement muke sawa, in sa Cordially idan zan rubuta wa 'yan Najeriya?"

Malama: A'a, za a gane amma ba a cika sa ta ba, ta fi kama da katin gayyata. Kind regards ita ce ke yin aikin Cordialement ɗinku.

Mai gabatarwa: Mun gaishe da mutanen Maraɗi. Wani kuma daga Gombe ya ce: "Ni Thanks in advance nake sawa a komai, abokina ya ce rashin kunya ce."

Malama: Abokinka yana da ɗan gaskiya. Ka gode wa mutum kafin ya ce zai yi, kenan ka yanke masa hukunci, to idan alfarma kake nema a wurin wanda ya girme ka, irin takardar shaida daga tsohon malaminka, wasu za su ji kamar an ɗaure su. Amma fa akwai wani abu, a 2017 wani kamfanin manhajar imel mai suna Boomerang ya duba zaren imel sama da 350,000, ya ga waɗanda aka rufe da godiya sun fi samun amsa, kuma Thanks in advance ce ta zo kan gaba da wajen kashi 65 cikin ɗari, Best kuma ta zo ta ƙarshe da wajen kashi 51. Sai dai yawancin imel ɗin na masu neman taimako ne a zaurukan da kowa ke iya shiga, ba na ɗalibi da shugaban sashe ba, don haka kar ka ɗauko lissafin ka kai shi inda ba nasa ba. Ga abokin aiki a kan abin da dama aikinsa ne, sa abinka. Ga babba, ka rubuta Thank you for your time, sannan Kind regards a ƙasa.

Mai gabatarwa: Kai kuma ɗan Gombe "a komai" ɗin nan ka rage, har ta'aziyya da ita za ka rufe? Haba. Lokaci na ta gudu, injiniya yana ɗaga min hannu. Daga Sakkwato: "B da R duka manyan baƙaƙe ne a Best regards?"

Malama: Kalmar farko kawai, B babba r ƙarama, sai waƙafi, sai sunanka a layi na ƙasa. Haka Yours sincerely, kuma Yours ba ta da wata alama tsakanin r da s, ina ganin wannan kuskuren kullum a takardun ɗalibai.

Mai gabatarwa: Wata amarya daga Katsina: "Na saba sa Love idan ina rubuta wa ƙawayena, zan iya sa wa shugabata a ofis tunda mace ce?"

Malama: Kar ki soma. Love ta 'yan uwa ce da ƙawaye na kusa, ofis Best wishes ta ishe ki. Su kuma masu gajartawa su rubuta BR ko Rgds, don Allah ku daina yi wa wanda kuke neman abu a wurinsa, kalma biyu ce fa, ba ta cin data.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe, daga Yola: "Idan muna ta amsa wa juna a zare ɗaya, sai na riƙa sa sallama kowane lokaci?" Wannan ni ma zan iya amsawa, a na farko da na biyu ka sa, bayan nan Thanks ko sunanka kawai ya isa. Ko Malama?

Malama: Ya isa, sai dai in an kwana biyu ba a yi magana ba ko an shigo da wani sabon mutum cikin zaren, to ka dawo da cikakkiyar gaisuwa da sallama.

Mai gabatarwa: To nan za mu tsaya, masu tambaya a kan yadda ake buɗe imel idan ba a san mace ce ko namiji ba ku yi haƙuri, taku na nan a ajiye sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Malama mun gode, a gaida gida.