Ka sayi mota, za ka ɗora hoto: da wa kake magana a rubutun ƙasa?

[Hoto: yatsa na wuce statu bayan statu a waya. Mota fara, makulli a tafin hannu, fiffiken jirgi ta taga.]

Jama'a, assalamu alaikum. Kwanakin nan musu ya yi zafi a fada-fadar Yamai a kan abu guda. Wasu na cewa in ka sayi mota ko ka tafi hutu, kada ka ɗora hoto ko ɗaya, baki zai kama ka. Wasu kuma na cewa ɗora abinka, ka dai rubuta "Masha Allah" a ƙasa, shi ke nan ka tsira. Duka ɓangarorin biyu sun tsallake wurin da matsalar take, kuma nan ne za mu daɗe yau.

Bari mu wuce abubuwan da kowa ya sani da sauri.

[Hoto: ana rufe lambar mota da ɗan zane kafin a tura.]

Rufe lambar mota. Kada takardar duwan, ko kart giriz, ko tikitin jirgi su fito a hoton, domin sunanka da lambobinka suna jiki. Hoto ɗaya ko biyu sun isa, ba sai ka jera goma sha biyar ba har da na cikin injin. Hoton tafiya kuma ya fi kyau a ɗora shi bayan an dawo, saboda gidan da ka bari ba kowa a ciki. Kuɗin da ka kashe, bar shi a cikinka. Waɗannan ba su da wuya.

Mai wuyar shi ne rubutun da ke ƙasan hoton.

[Hoto: Toyota Corolla ta hannu, an wanke ta fes, a bakin hanya kusa da gadar Kennedy.]

Mu ɗauki misali. Wani ɗan'uwanmu, mu ce ɗan Tawa ne da ke kasuwanci a Katako. Ya daɗe yana tari, yau Allah ya yi, Corolla ta iso daga tashar jiragen ruwa ta Lome. Ya tsaya gefenta, an ɗauke shi hoto, ya rubuta:

[Rubutu a fuskar waya:]
"Masha Allah. Alhamdulillah. Hassada ga mai rabo taki ce. Maƙiya sai ku yi haƙuri."

Ku duba da kyau. Kalmomin farko na Allah ne. Amma sauran fa, da wa yake magana? Da maƙiya. To su wane ne ke ganin statunsa? A WhatsApp, sai wanda kake da lambarsa shi ma yake da taka ne zai ga statunka. Ke nan masu karanta wannan rubutu su ne yayansa, da ƙanin mahaifinsa da ke Tawa, da abokin da suka yi lakkal tare, da maƙwabcin rumfarsa. Ya yi habaici a cikin gidansu. Kowane ɗaya daga cikinsu zai tsaya ya tambayi kansa: "Da ni yake?" Wanda da farko ya ga motar ya yi murna, yanzu ya tuna wata ƴar magana da ta taɓa haɗa su bara, ya ce lalle ni ake nufi. Mutumin da bai zo da hassada ba, an ba shi dalilin jin zafi.

Wannan karin maganar tana da wurinta. Kun saba ganin ta a bayan manyan motocin da ke bin hanyar Dosso zuwa Ƙonni, kuma a can ba ta ɓata wa kowa rai, tun da direban bai san wanda ke bin sa a baya ba. A statu kuwa ka san kowa, kowa ya san ka.

[Hoto: shafin Alƙur'ani, Suratul Kahfi.]

Shi kansa "Masha Allah" da muke rubutawa, mu tuna inda ya zo. A Suratul Kahfi akwai labarin mai gonaki biyu. A aya ta 34 ya ce wa abokinsa ya fi shi dukiya, ya fi shi jama'a. A aya ta 39 abokin ya ce masa, me ya hana lokacin da ka shiga gonarka ka ce "Masha Allah, la ƙuwwata illa billah"? Wato kalmar ta zo ne domin ta maye gurbin "na fi ka". Mu kuma sai mu haɗa su biyun a layi ɗaya, "Masha Allah" a sama, "na fi ku" a ƙasa. Mai karatu ba yaro ba ne. Na ƙasan yake ji.

Kuma "na fi ku" ba kullum yake fitowa tsirara ba. Ga shi a wata rigar.

[Rubutu a fuskar waya:]
"Sakamakon aiki tuƙuru. Wanda ya yi barci ya ga mun wuce."

A nan babu maƙiyi, amma an ce wa duk wanda ba shi da mota malalaci ne. Ka tuna da mai kabu-kabu da ke fita tun asuba, ko yayanka malamin makaranta da ya shekara ashirin yana riƙe alli. Sun yi barci ne? Wannan rubutu ya fi na farko ciwo a ganina, domin wanda yake sukar shi ne mutumin da ya yi iya ƙoƙarinsa bai samu ba.

Ga kuma wadda mutanen kirki suka fi faɗawa ciki ba da niyya ba.

[Rubutu a fuskar waya:]
"Ga ƴar akwalar da muka samu, a yi maneji kafin babbar ta zo."

Shi a zuciyarsa ƙanƙan da kai yake yi. Amma abin da ya kira akwala, wani ya yi shekaru yana roƙon Allah ya ba shi rabinsa. In motar miliyan shida akwala ce, to babur ɗin mai karatu mene ne sunansa? Raina ni'ima a gaban wanda bai da ita ba ya sanyaya masa rai. Haka ma "Allah ya ba marasa shi". Addu'a ce mai kyau, amma ta raba mutane gida biyu, ta ajiye ka a sama. "Allah ya buɗa mana baki ɗaya" ta sa ka cikin masu nema, kuma gaskiya ce, ai kai ma kana nema.

[Hoto: yatsa na goge rubutu, yana sake wani.]

To me ɗan'uwan namu zai rubuta? Ya goge duk wani "ku" da ke nufin abokin hamayya. Ya bar godiya, ya faɗi amfanin motar, sannan ya ba mai karatu abin yi.

[Rubutu a fuskar waya:]
"Alhamdulillah, Allah ya hore mana abin hawa. Zuwa Tawa gaida Inna ya zo da sauƙi. Ku sa mana albarka, Allah ya tsare hanya."

Ku lura da abin da ya canza. Motar tana nan, ba a ɓoye ta ba, ba a kuma raina ta ba. Amma yanzu hankalin mai karatu ya koma kan tsohuwa da hanyar kilomita sama da ɗari biyar, ya bar lissafin kuɗi. Sai kuma "ku sa mana albarka", wadda ita ce ta fi muhimmanci a wurina. Mutum in ya ga sabon abu a hannun ɗan'uwansa, akwai ɗan lokacin da zuciyarsa ba ta yanke inda za ta nufa ba. In ka roƙe shi addu'a, ka mai da shi babba, ka nuna kana bukatarsa. Bakinsa ya riga ya san amsar: "Allah ya sa a kashe lafiya." Kuma addini haka ya koyar, wanda ya ga abin da ya burge shi a wurin ɗan'uwansa ya roƙa masa albarka. Kai ka buɗe masa ƙofar ne kawai.

Sharaɗi ɗaya dai: in ka ce Inna, to ka je Tawa ɗin. Dangi suna gani.

[Hoto: bakin teku, sannan titin Yamai da tsakar rana, iska na ɗauke da ƙura.]

Hoton hutu ma dokar ɗaya ce, sai dai tarkonsa daban. Watan Afrilu, zafi ya haura maki 40, wuta ta ɗauke, mutum na fifita da kwali, ya buɗe waya ya ga ka rubuta: "Mun gudo daga zafin Yamai, sai ku ji da shi." Kai wasa kake yi, na sani. Amma wasan yana da daɗi ne tsakaninka da abokin wasanka, Bazabarme da Bagobiri ko ɗan mace da ɗan namiji, a saƙon da kuka yi ku biyu. A statu kowa ne ya sha shi. Ka yi magana a kan inda kake, ka bar inda ka baro. "Yau na fara ganin teku da idona, girman Allah ya wuce misali." Ko: "An kai yara Kure sun ga raƙuman dawa, ƙaramar ta ƙi yarda mu taho." Irin wannan labari ne, mutum zai karanta ya yi murmushi, wataƙila ma ya tambaye ka hanya.

[Hoto: saitin sirrin statu a WhatsApp.]

Wasu za su ce, ai sai in ɓoye wa wanda nake tsoro. Eh, akwai "Mes contacts sauf…" da "Partager uniquement avec…". Na biyun ya fi dacewa da hoton iyali, ka zaɓi mutum goma da ka san za su yi murna. Na farkon kuwa ku yi hattara da shi. Statu na ɓacewa bayan awa 24, amma a fada waya ɗaya mutum biyar ke leƙawa. Ranar da ɗan baffanka ya ga motarka a wayar wani, ya duba tasa bai gani ba, ya san cire shi ka yi. Gara a ce kiran sa ka yi ka faɗa masa da bakinka. Manyan gida ma haka: kada kawunka ya fara jin labarin a statu. Ka kai motar ƙofar gidansa, ya dafa ta ya yi addu'a, sannan hoto ya biyo baya.

[Hoto: mai magana shi kaɗai, babu wani hoto a baya.]

Akwai inda rubutu ba ya aiki ko kaɗan, kuma ba ni da hoton da zan nuna muku a nan, sai dai ku saurara. In wani yana bin ka jikka hamsin, ka yi wata uku kana ce masa ka ƙara haƙuri, ko ƙanwarka ta roƙe ka kuɗin magani makon jiya ka ce babu, to duk yadda ka tsara kalmomi ba za su gyara ba. Abin da za su ji ba hassada ba ce, haƙƙi ne, kuma suna da gaskiya. Kafin ka danna turawa, ka bi jerin lambobin wayarka ka nemo mutumin da hoton zai fi taɓawa, ka karanta rubutun kamar kai ne shi. In bashi ne tsakaninku, biya shi tukuna, ko ka kira shi ku tsai da rana. Motar ba za ta tsufa cikin mako guda ba.

Sai tambayar da ba makawa za ta zo: "Nawa ka saye ta?" In ka san mai tambayar mota yake nema, kira shi ka yi masa bayani dalla-dalla, har kuɗin duwan da na asiransi, ka taimake shi ke nan. In kuwa son sani ne kawai, ka ce masa "Allah ya rufa asiri, an samu da sauƙi", ka tambaye shi ya mutanen gida.