Ƙaramin ɓera ne ko ɗan babban ɓera? Yadda ake karanta hoto

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa. Yau hoto ɗaya za mu zauna a kansa, wanda wani mai sito ya turo. Ga shi nan a allo: wani ɗan ɓera ne tarko ya kama, yana kwance a kan siminti, an ajiye batir kusa da shi. Tambayar mai hoton ita ce, wannan irin ƙananan ɓerayen nan ne da ba sa girma, ko kuwa ɗan manyan ne da bai gama girma ba?

Kafin mu shiga, bari mu daidaita suna, don a Hausa duk ɓera muke ce musu. In na ce ƙaramin ɓera, ina nufin irin wanda ko ya tsufa nauyinsa bai cika wuce giram 30 ba, tsawon jikinsa kuma daga hanci zuwa gindin bindi santimita 7 ne zuwa 10. In na ce babban ɓera, wani jinsi ne dabam, kuma iri biyu za mu duba daga cikin masu shiga gidaje da sito-sito. Akwai ɓeran rufi, mai hawa, wanda ake jin gudunsa a silin da dare, yana kai giram 150 zuwa 250. Akwai kuma ɓeran kwata, mai haƙa rami, wanda ya fi shi kauri, yana kai giram 300, wani ma har 500. Ƙaramin ɓera ba ya girma ya zama babba, kamar yadda akuya ba ta girma ta zama saniya. Gafiya kuwa ba ta cikin zancenmu na yau, ita dabam take.

To, in babban ya gama girma ai ba a ruɗewa, ko yaro ya gani ya sani. Inda ake faɗawa rami shi ne ɗan babban ɓera da aka yaye. Wajen sati 3 da haihuwa yake fara fitowa daga sheƙa, kuma a lokacin girmansa bai fi na ƙaramin ɓera baligi da wani abin kirki ba. Ga shi hoto ba ya faɗin gaskiya a kan girma: ka matso da waya, ƙaramin abu ya cika allo. Launi ma kada ku dogara da shi. Dukkansu akwai masu ruwan toka, akwai masu ruwan ƙasa, kuma hasken waya yana sauya launin gashi yadda ya ga dama. Saboda haka ni ba na tambayar yaya girmansa. Ina tambaya ne, gaɓoɓinsa sun dace da jikinsa?

Ku tuna ɗan kwikwiyo. Kansa ƙato, tafin ƙafarsa fankama-fankama, jikin ne bai kamo su ba tukuna. Haka ɗan babban ɓera yake. Ƙafa da kai suna riga sauran jiki girma. Shi kuwa ƙaramin ɓera baligi komai nasa tsaf yake: ɗan kai siriri mai tsini, 'yan ƙafafu sirara, kamar an auna an yanka masa.

Bari in matso da hoton a kan ƙafar baya, don nan ne hujja mafi ƙarfi take. Kun gan ta? Ana auna ta daga diddige zuwa ƙarshen yatsa mafi tsawo, ban da farce. A ƙaramin ɓera, komai tsufansa, wannan tsawon bai cika wuce milimita 19 ba, yawanci 16 zuwa 18 ne. Ɗan babban ɓera kuwa, daga ranar da ya fara yawo da kansa, ƙafarsa ta riga ta zarce milimita 20 da tazara. Baligin ɓeran rufi ƙafarsa ta haura 30, ta ɓeran kwata tana kai 40. Wato akwai gibi a tsakani, kuma wannan gibin shi ke raba gardama.

Yanzu ta yaya za mu auna abin da ke cikin hoto? A nan ne batir ɗin nan ya yi rana, kuma na yaba wa mai hoton da ya ajiye shi. Batir ne mai lamba AA, irin na rimot da agogon bango, kuma tsawonsa kusan milimita 50 ne a ko'ina cikin duniya. Na buɗe hoton a allon kwamfuta, na ɗora rula. Batir ya ba ni milimita 100. Ke nan hoton ya ninka komai sau biyu, duk abin da na auna sai in raba shi biyu. Ƙafar baya, daga diddige zuwa yatsa, ta ba ni 54. A raba biyu, 27. Jiki daga hanci zuwa gindin bindi ya ba ni 190, wato 95. Bindi 220, wato 110.

Ku duba abin da ya faru. Da tsawon jiki kaɗai na kalla, milimita 95, da na ce ƙaramin ɓera ne ƙosasshe, na wuce abina. Amma ƙafa mai milimita 27 ba ta ƙaramin ɓera ba ce, ko kusa. In ma babu batir a hoton, kana iya gwada ƙafar da jikin dabbar kanta: a ƙaramin ɓera, sai ka jera ƙafar wajen sau biyar kafin ta cika tsawon jiki. A wannan hoton sau uku da rabi ta cika. Ku dubi kan kuma, yadda ya yi wa jikin yawa, goshin a tashe, hancin bai yi tsinin nan siriri ba. Gashin ma laushi gare shi, buzu-buzu, irin na abin da bai daɗe da barin nono ba. Wannan ɗan babban ɓera ne.

Saura mu san ɗan wane ne, kuma bindi da kunne ne ke faɗa. Bindin ɓeran rufi ya fi jikinsa tsawo, in aka naɗo shi ta bayansa zai kai hanci har ya wuce. Na ɓeran kwata bai kai tsawon jiki ba, ya fi kauri, kuma ƙasansa ya fi samansa haske. A nan mun samu 110 a kan 95, bindin ya fi. Kunnuwan kuma manya ne, sirara, kusan babu gashi, in an kwantar da su gaba za su kai ido. Na ɓeran kwata ƙanana ne masu kauri, ba sa kaiwa. To ɗan ɓeran rufi ne.

Kuma wallahi shi ne ya fi ruɗa mutane, ni kaina ya taɓa kayar da ni. Sau da yawa za ka ji ana cewa, in ka ga manyan kunnuwa da dogon bindi, ƙaramin ɓera ne. Wannan maganar tana aiki ne kawai in da ɗan ɓeran kwata kake gwadawa. Ɗan ɓeran rufi shi ma manyan kunnuwa gare shi, shi ma dogon bindi gare shi. Abin da za ka lura da shi a bindin shi ne kauri: na ƙaramin ɓera siriri ne tun daga gindi, kamar igiyar takalmi, na ɗan babba kuwa gindinsa da kauri, zobban jikinsa kuma a fili suke.

Akwai abubuwan da ke lalata wannan awon, dole in faɗa muku. In an ɗauki hoton daga gaban dabbar, waya dab da hancinta, kai zai fito ƙato ko da na ƙaramin ɓera ne, don abin da ya fi kusa da kyamara shi ke kumbura. In batir yana gaba dabbar tana can baya, lissafin ya tashi a banza, dole su kasance a shimfiɗe wuri ɗaya, a ɗauka daga sama tsaye. Sannan in ƙafar a lanƙwashe take, ko gashi ya rufe diddigen, za ka auna ƙasa da gaskiya. Saboda haka in na samu 21 ko 22, ba na yanke hukunci, sai in ce a sake ɗauka. Kuma a sa safar hannu ko a juya gawar da tsinke, kada a taɓa da hannu tsirara.

In kuwa hoton na mai gudu ne, ya yi dishi-dishi, ƙafa ba ta fito ba, to ku bar dabbar ku ɗauko hoton kashinta, da rula ko batir a gefe. Kashin ƙaramin ɓera milimita 3 ne zuwa 6, mai tsini, a warwatse ko'ina. Na ɓeran rufi wajen 12 ne, siriri, ɗan lanƙwasasshe. Na ɓeran kwata yana kusantar 20, mai kauri, bakinsa a dakushe. Ɗan babban ɓera kashinsa ƙanana ne, gaskiya, amma ba shi kaɗai yake zaune ba. In ka ga ƙanana da manya a gauraye wuri ɗaya, akwai alamar iyali ne, uwa da 'ya'ya.

Af, wani lokaci a turo hoton jaɓa a ce ɓera. In ka ga hanci dogo zuƙui da ya zarce baki sosai, idanu 'yan mitsi-mitsi kamar babu, wannan jaɓa ce, ƙwari take ci, ba ma dangin ɓera ba ce.

To mai sito, ga abin da amsar nan take nufi gare ka. Ɗan da bai daɗe da yaye ba ba ya nisa da sheƙa, don haka uwar tana cikin ginin nan, kuma ba ɗaya take haifa ba, takan kai biyar zuwa takwas. Ɗan tarkon da ya kama wannan ba zai riƙe uwar ba, sai dai ya buge ta ta tsere, daga nan kuma ta gane shi. Ka nemi babban tarko, ka kafa a sama, kan katakon rufi da saman kanta da inda waya ko bututu ya ratsa bango, tunda masu hawa ne, ka ɗaure shi kada ya faɗo. Babban ɓera yana tsoron sabon abu, ba kamar ƙarami ba da ke leƙa komai, saboda haka ka sa abin ci a tarkon ka bar shi ba a ɗana ba kwana biyu ko uku, sai ka ga ana cinyewa sannan ka ɗana. Wajen toshe kafa kuma, duk ramin da ya kai milimita 12 ɗan babban ɓera zai ratsa, amma tunda ka riga ka hau tsani, ka toshe har wanda fensir zai shiga, don ƙaramin ɓera milimita 6 ya ishe shi. Na gaba da tarko ya kama, ka miƙe ƙafar bayan a kan rula ka turo mana. Sai mun sake haɗuwa.