Cire tabarau daga hoto: aikin yana cikin gilashin

An rubuto wannan daga rikodin laccar da aka gabatar wa masu gyaran hoto a Sabon Gari, Zariya.

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Mu ɗauka an kawo muku hoton wani dattijo za a buga a kalandar biki, iyalinsa sun ce a cire masa tabarau. Tambayar farko: akwai wani hotonsa ba tabarau, fuskar na kallon ɓangare ɗaya? In akwai, ku aro idon daga can, aiki ya zo da sauƙi.

In babu, kada ku fara da goge firam. Ku dubi gefen fuska ta cikin gilashin tukuna. Gilashin wanda ba ya hangen nesa yana ƙanƙantar da ido, har ka ga layin kunci ya shige ciki kamar an gutsure fuskar. Gilashi mai ƙarfin -6.00 yana rage ido da kusan kashi 8 cikin 100. Wanda ya goge firam ya bar wannan, zai miƙa wa mutane hoton babansu da ƙananan idanu, su ce bai yi kama da shi ba, su kuma kasa faɗin abin da ya canza.

Gyaran a Photoshop shi ne ku zagaye duk abin da ke cikin gilashi ɗaya, ku danna Ctrl+J ya koma shimfiɗarsa daban, sannan Ctrl+T ku ƙara girmansa zuwa wajen 108%. Ma'auninku layin kuncin nan ne: da na ciki ya haɗu da na waje, ku tsaya. Gilashin karatu kuwa girmama ido yake yi, shi ragewa ake yi.

Sai firam. Ku buɗe sabuwar shimfiɗa, ku sa Clone Stamp ya ɗebo daga Current & Below, kuna ɗaukar fata daga dab da wurin, domin fatar ƙasan ido ta fi ta kunci laushi da duhu. Healing Brush yana jawo baƙin firam ya shafa a fata, don haka sai an rufe baƙin kafin a kira shi. Inuwar firam a kunci da 'yan matasan firam ɗin da ke zaune a karan hanci, su ma a kwashe.

Idan haske ya cinye ido ɗaya, ana kwafo lafiyayyen a juya shi da Flip Horizontal. Nan ake yawan tafka kuskure, don ɗigon hasken da ke ƙwayar ido shi ma ya juya, sai mutum ya zama kamar mai harara-garke. Ku goge ɗigon, ku mayar da shi ɓangaren da yake a ɗaya idon.

Kuma don Allah a bar wa dattijo tamojinsa. Fatar da kuka gina takan yi sulɓi fiye da sauran fuska; Add Noise na kashi 1 zuwa 2 yana daidaita ta. Ku duba a 100% kafin ku tura wurin bugu.