Sikana a kanta: wannan ƙarar "tiit" ba ita ce shaida ba

To jama'a assalamu alaikum. Na baya kuna jina? Alhaji a ɗan rage ƙarar janareton nan don Allah. Yauwa.

Abu uku na zo da su kan sikanar nan ta bakod da kuke sayowa a kasuwar kwamfuta ta Ikeja kuna ɗorawa a kanta. Na farko, kuma wallahi in shi kaɗai kuka riƙe ya isa, sikana ba ta san kuɗin kaya ba. Ba ta san komai ba. Kibod ce kawai mai saurin hannu. Zanen layi-layin nan na jikin gwangwanin madara, wato bakod, lamba ce guda 13, ga ta ma a rubuce a ƙasansa, in ka ga ta fara da 615 to a Najeriya aka yi mata rajista. Babu farashi a ciki, babu sunan kaya. Sikana ta karanta, ta buga lambobin, ta danna Enter, aikinta ya ƙare. Manhajar shagonka ce ke dubawa ta ce wannan lambar madara ce, kuɗinta kaza, ta jefa ta cikin odar kwastoma.

Wanda bai yarda ba ya je gida ya gwada. Buɗe Notepad, ka haska gwangwanin madarar, za ka ga lambobi 13 sun fito kuma an sauka layi na ƙasa. In sun fito amma ba a sauka ba, to ba a saita mata Enter ɗin ba, akwai bakod na saiti a ɗan littafin da ke cikin kwalinta, shi za ka haska. Littafin nan da kuke yarwa tun a cikin danfo!

To tunda kibod ce, a ina take rubutu? Duk inda ɗan layin nan mai ƙiftawa yake tsaye a allo, nan take zubawa. Nan ne kuɗin mutane ke tafiya. Misali, yamma ta yi a Agege, layi ya kai ƙofa, Hajiya ta kawo madara shida, sabulu biyu, taliya ɗaya. A ce madarar naira 800 ce. Yaron kanta ya haska madara, ya je gidan adadi ya rubuta 6, ya manta bai dawo gidan neman kaya ba. Ya ɗauki sabulu, tiit. Lambar sabulu ta faɗa gidan adadi. Wata manhajar za ta nuna jimillar da ko Dangote sai ya zauna, wannan da sauƙi, an gani ai. Wata kuwa sai ta ƙi karɓa ta yi shiru, yaro ya ji tiit ya saka sabulu a leda, sabulu ya fita kyauta. Tiit ɗin nan ma'anarsa na karanta, ba wai ya shiga oda ba. Na sake faɗa, na karanta ne kawai. Ido a allo, ba kunne a sikana ba. Kafin ka buga risit ka ƙirga, kaya 9 a kanta, 9 a allo? Shi ke nan.

Kuma madara shida ɗin nan, ko ka haska sau shida ko ka haska sau ɗaya ka sa adadi, amma kar ka haɗa biyun, sai Hajiya ta biya na bakwai ta dawo da mijinta.

Na biyu, katan. Lambar jikin katan daban take da ta gwangwani, sau da yawa ma 14 ce. In ka shigar da ita da farashin gwangwani ɗaya, katan mai 24 na naira 19,200 zai fita a 800. Kowanne da layinsa.

Na huɗu... af, na uku ne ko? Lemo mai sanyi ya yi raɓa, goge shi. Leda ta yamutse, miƙe ta. In sikana ta ƙi karantawa, buga lambar da hannu. Sai Excel, in ka zuba lambobin a ciki yana mayar da su irin 6.15E+12, yana kuma cinye sifirin farko, ka mayar da layin ya zama Text tukuna.

Malam na ga hannunka. Na'am? Ya ce shi shinkafa da wake yake ƙullawa a leda daga Mile 12, ba su da bakod. To kai za ka yi naka. Lambobin da suka fara da 20 zuwa 29 an ware su ne don amfanin cikin shago, ba za su yi karo da na kamfani ba. Ka sayi ƙaramar firinta ta sitika, shinkafa kilo ɗaya lambarta daban, kilo biyar daban. In ba ka da kuɗin firinta yanzu, buga bakod ɗin a takarda ɗaya ka yi mata laminetin ka manna a kanta, kowanne da sunansa a ƙasa, kwastoma ya kawo wake ka haska takardar. Amma ka bar tazara tsakaninsu, don sikanar lesa dogon layi take haskawa, sai ta kamo na maƙwabci. An kira salla ko? To sauran tambayoyin sai mun idar.