Amsoshin Tambayoyinku: Haɗa Magunguna Ko Kimiyyar Kwamfuta?

Wasiƙarmu ta gaba daga wata ɗaliba ce, ga abin da take cewa: "Assalamu alaikum. Bana na kammala sakandare. Na ci kemistiri da bayoloji da fiziks da kyau, lissafi kuwa da kyar na haye. Iyayena suna son in karanta haɗa magunguna, ni kuma raina yana kan kimiyyar kwamfuta don in riƙa ƙirƙirar manhajar waya. Wanne zan cike?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. To, kafin a je ga abin da rai yake so, ɗauko sakamakonki ki ajiye shi kusa da sharuɗɗan da jami'ar da kike nema ta rubuta na wannan shekarar, ba na bara ba, ba kuma abin da ƙawa ta faɗa miki ba. Sashen haɗa magunguna kemistiri yake fara dubawa, sai bayoloji, galibi da fiziks ko lissafi. Sashen kwamfuta kuwa lissafi ne idonsa. Sai dai ki lura, makin da aka rubuta a takarda mafi ƙaranci ne kawai na neman gurbi. Idan masu nema sun fi kujeru yawa, daga sama ake yankowa, kuma a haɗa magunguna kujerun ƙididdigaggu ne saboda ɗakunan gwaji da dokokin hukumar da ke kula da sana'ar. Don haka ki tambayi ofishin ɗaukar ɗalibai makin da mutum na ƙarshe ya shiga da shi bara.

Wannan lissafin naki shi ne inda nake so mu ɗan daɗe. Mutane da yawa sun ɗauka kimiyyar kwamfuta zama ne a gaban allo ana tsara manhaja mai kyan gani. Akwai hakan, amma kaɗan ne. Shekarun farko aljabara ce da kalkulas da ilimin mantiƙi, da koyon yadda ake tabbatar da cewa wata hanyar warware matsala ta fi wata sauri. Wanda ke gudun lissafi a nan yake fara gajiya. Shi ma haɗa magunguna ba miƙa ƙwaya ba ne a bayan kanta. Akwai kemistiri mai zurfi, da haddar yadda kowane magani yake aiki a jiki, da wanda bai kamata a haɗa shi da wani ba, ga auna adadin da ya dace da nauyin majiyyaci. Nan ma da lissafi, amma na awo ne, irin wanda ake iyawa da yawan maimaici.

Ga yadda za ki gwada kanki. Nemo jerin darussan shekara ta biyu na kowane sashe ki karanta. Sannan ki ware mako biyu ki koyi Python, wani harshen rubuta manhaja, darussansa na kyauta suna nan a intanet. Ki rubuta ɗan shirin da zai karɓi makin ɗalibai goma ya fitar da matsakaicinsu. Zai ƙi aiki, ko shakka babu. Idan kika tsinci kanki kina bin kuskuren layi bayan layi har dare ya yi ba ki sani ba, sonki na gaske ne. Idan kuwa kin rufe kin koma kallon manhajojin wasu, to amfani da waya kike so, ba gina ta ba, kuma wannan ba laifi ba ne.

Batun aiki, fannonin biyu ba ƙofa iri ɗaya gare su ba. Haɗa magunguna sana'a ce mai lasisi: sai da digirin, wanda ke ɗaukar shekara 4 zuwa 6 gwargwadon ƙasa, sannan horon aiki a ƙarƙashin ƙwararre, sannan rajista. Babu wanda ke shigarta ta gefe. Rubuta manhaja kuwa ba ya buƙatar lasisi, masu ɗaukar aiki da yawa abin da hannunki ya gina suke dubawa, ko da yake wasu kan nemi digirin. Ke nan mai haɗa magunguna tana iya koyon rubuta manhaja daga baya, har ta yi aiki a kan na'urorin ajiye bayanan asibiti, amma mai digirin kwamfuta in tana son lasisin magani sai ta koma aji.

Ni dai, da wannan sakamako naki, haɗa magunguna zan ce ki sa a zaɓi na farko, ki riƙe Python a lokutan hutu, domin karatun ba ya barin sarari sosai a tsakiyar zango. Amma idan gwajin mako biyun nan ya kama ki, jerin darussan kemistiri kuma ya sa gabanki faɗuwa, ki cike kwamfuta, ki nemi malamin lissafi tun yanzu kafin a buɗe makaranta. Ki nuna wa su Baba shirin da kika rubuta da jerin darussan, zai fi saurin gamsar da su a kan "ni dai shi nake so".

Sai wasiƙa ta gaba.